Ta'aziyya ta wayar salula: Me ke sa saƙo ya ratsa zuciyar wanda aka yi wa rasuwa?

A garuruwan yammacin jihar Zamfara, kamar Talata Mafara da Bakura da Maradun, al'adar da aka gada ita ce idan aka yi wa mutum rasuwa, abokan aikinsa su yi tattaki har ƙofar gidansu, su zauna tare da shi, su yi masa gaisuwa.

To sai dai matsalar tsaron da ta addabi yankin fiye da shekaru goma ta sa wannan tattaki ya zama abin da ake yin dogon tunani a kansa. A yau ma'aikata da dama kan tsaya ne ga aika saƙo ta waya, abin da ya janyo ƙorafin cewa ta'aziyya ta koma maganar haddace, wadda ake kwafowa daga wani wuri a tura ba tare da an ko karanta ta ba.

Tambayar da ke gaban wanda ya ɗauki waya zai rubuta wa abokin aikinsa ita ce, ta yaya 'yan layuka kaɗan za su yi aikin da tattaki da zaman tabarma suka saba yi?

Daga tabarma zuwa waya

A zaman makoki na ƙasar Hausa, kalmomin da ake furtawa ba su da yawa, kuma kusan kowa iri ɗaya yake faɗa. Mai gaisuwa zai yi sallama, ya nemi wuri ya zauna, a yi addu'a, sannan ya ce ashe wane lokaci ya yi, ya tambayi yaya haƙuri, ya roƙa wa mamacin gafara. Daga nan sai a yi shiru na ɗan lokaci, har ya miƙe ya yi ban-kwana.

Ba a cika jin wani ya ce wannan gaisuwa ta bushe ba, duk da cewa mutum ɗari za su iya maimaita ta a wuni guda. Dalili kuwa shi ne, kalmomin ba su kaɗai suke zuwa ba. Mai makoki yana ganin ƙurar hanya a jikin baƙonsa, ya san nisan da ya keto, yana ganin fuskarsa, yana kuma jin yadda muryarsa ta sauya. Waɗannan su ne ke shaida masa cewa an damu da shi.

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya ne a shekarar 2001, ta kuma zo da gajeren saƙon tes wanda ba ya ɗaukar fiye da haruffa 160 a shafi guda. Wannan ya koya wa jama'a taƙaita magana. Daga baya da manhajar WhatsApp ta yaɗu, sai aka sami damar tura saƙo guda ga mutane da yawa, ko kuma a kwafi na wani a liƙa.

A Zamfara kuwa, akwai ƙarin dalili. A watan Agustan 2021 'yan bindiga sun kai hari Kwalejin Aikin Gona da ke Bakura, inda suka kashe mutane suka kuma sace ɗalibai da ma'aikata. A ranar 1 ga Satumban shekarar aka sace ɗalibai fiye da 70 a makarantar sakandare ta garin Kaya, cikin ƙaramar hukumar Maradun. Kwanaki kaɗan bayan haka hukumomi suka katse layukan waya a duk faɗin jihar, bayan an riga an rufe kasuwannin mako-mako. A makonnin da suka biyo baya, ga hanya ba ta biyuwa cikin kwanciyar hankali, ga waya ba ta shiga.

An dai maido da layukan daga baya, amma fargabar hanya ba ta gushe ba. Shi ya sa ga ma'aikacin da ke Gusau ko Sakkwato, wanda aka yi wa abokin aikinsa rasuwa a wani gari kamar Dosara, sau da yawa saƙon waya ne ke fara isa, wani lokaci ma shi kaɗai ke isa. Idan haka ne, dole kalmomin su ɗauki nauyin da a da ƙafa da fuska ke ɗauka.

Saƙon farko da aibinsa

Domin a ga yadda lamarin yake a aikace, a ɗauki misalin wani ma'aikacin jinya ɗan asalin Dosara da ke aiki a Gusau, wanda mahaifiyarsa ta rasu bayan doguwar jinya. Abokin aikinsa, wanda suka shafe shekaru suna karɓar aiki a hannun juna, ya ji labari, ya kuma rubuta masa kamar haka:

"A madadin ni kaina da iyalaina da ɗaukacin ma'aikatan wannan sashe, ina miƙa saƙon ta'aziyyata bisa wannan babban rashi da ba za a iya maye gurbinsa ba. Haƙiƙa rashi ne ga al'umma baki ɗaya. Mutuwa rigar kowa ce, sai haƙuri. Allah ya jiƙansa, ya ba da haƙurin jure rashin."

Babu kalmar ɓatanci a cikin wannan saƙo, kuma wanda ya aika shi da kyakkyawar niyya ya aika. Amma duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san cewa irinsa ana karanta layin farko ne kawai a wuce.

Aibi na farko shi ne muryar da aka yi magana da ita. Jimlar da ta fara da "a madadin ni kaina" salon sanarwar gidan gwamnati ce, irin wadda kakakin gwamna ke aika wa gidajen rediyo idan wani babban mutum ya rasu. Wurinta daban ne. Tsakanin mutum biyu da ke cin abinci a kwano ɗaya, tana sanya nisan da babu shi a da.

Na biyu, saƙon bai nuna an san wadda ta rasu ba. Za a iya tura shi ga wanda ya rasa uba, ko mata, ko maƙwabci, ba tare da an sauya komai ba. Har ma an bar "ya jiƙansa" alhali mace ce ta rasu, wanda shi ne babbar alamar cewa kwafowa aka yi. Kuskure ne na harafi ɗaya, amma ɗan da ya dawo daga maƙabarta ba zai kasa ganinsa ba.

Na uku, an cika baki inda bai kamata ba. Cewa rasuwar dattijuwar da marubucin bai ko ambaci matsayinta ba rashi ne ga al'umma baki ɗaya, magana ce da mai karatu ya san ba daga zuci ta fito ba. Shi abin da ya sani, ya rasa wadda ke sa masa albarka duk lokacin da zai kama hanya.

Na huɗu kuma, an yi wa'azi tun ba a jajanta ba. Musulmin da ya sa mahaifiyarsa a kabari da hannunsa ya fi kowa sanin cewa mutuwa rigar kowa ce a wannan rana.

Shin laifin addu'ar ne?

Wasu kan ɗauka cewa maganin bushewar saƙo shi ne a watsar da kalmomin da aka saba, a ƙirƙiro sababbi. Abin da ke cikin littattafan hadisi da na fiƙihu bai goyi bayan wannan fahimta ba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Usama ɗan Zaid cewa wata 'yar Annabi Muhammadu, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta aika masa cewa ɗanta na gargarar mutuwa, tana neman ya zo. Sai ya mayar da ɗan aike da gaisuwa, da kuma tunatarwa cewa abin da Allah ya karɓa da abin da ya bayar duk nasa ne, kowane abu yana da ajalinsa, don haka ta yi haƙuri ta nemi lada.

Imam Nawawi, wanda ya rasu a shekarar 1277, ya bayyana a littafinsa Al-Azkar cewa wannan shi ne mafi kyawun lafazin ta'aziyya, ko da yake ya ce babu wani lafazi da aka taƙaita mutane a kansa.

Amma labarin bai tsaya a nan ba. 'Yar tasa ta sake aikawa tana roƙon lallai ya zo, sai ya tashi tare da wasu sahabbai, ciki har da Sa'adu ɗan Ubada da Mu'azu ɗan Jabal. Da aka miƙo masa yaron, idanunsa suka zubar da hawaye, ya kuma bayyana wa Sa'adu cewa wannan rahama ce da Allah ke sanyawa a zukatan bayinsa. Wato dai saƙon aike ya fara zuwa, sannan zuwa da ƙafa da tausayawa suka biyo baya.

Haka kuma Muslim ya ruwaito cewa lokacin da Abu Salama ya rasu, Annabi ya yi masa addu'a yana ambaton sunansa, ya roƙa masa gafara da ɗaukakar daraja da yalwar kabari da haske, ya kuma haɗa da zuriyar da ya bari. Lokacin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a yaƙin Mu'uta, shekara ta 8 bayan Hijira, umurnin da ya bayar shi ne a dafa wa iyalan Ja'afar abinci, saboda abin da ya same su ya shagaltar da su.

Abubuwa uku ne ke fitowa daga waɗannan ruwayoyi: addu'ar da ta dace da wanda ya rasu shi kansa, nuna tausayi a fili, da kuma ɗauke wa masu makoki wani nauyi. A kan su ne gyaran saƙo ke tsayuwa.

Masana adabin Daular Sakkwato ma sun lura da irin wannan a waƙoƙin makokin da Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta rubuta wa ɗan'uwanta Muhammadu Bello da mijinta Waziri Giɗaɗo da aminiyarta A'isha. Abin da ta fi mayar da hankali a kai shi ne halayen kowannensu da irin zaman da suka yi da mutane, fiye da muƙami ko nasarar yaƙi.

Yadda aka gyara saƙon

Komawa ga misalin na Dosara, matakin farko ana ɗaukarsa ne kafin a rubuta ko da kalma ɗaya. Marubucin zai tabbatar da labarin daga wanda ya sani, ya san wace ce ta rasu, mahaifiya ce ko kishiyar uwa ko gwaggon da ta yi riƙo, ya kuma san ko an riga an sanar da abokin nasa. An sha samun wanda ya fara jin mutuwar mahaifinsa daga saƙon gaisuwar wani mai gaggawa.

Mataki na biyu shi ne zaɓen sunan da za a kira ta da shi. A wasu al'adun, ambaton sunan mamaci shi ne alamar kusanci. A wajen Bahaushe kuwa, kama sunan yanka na mahaifiyar aboki rashin kunya ne. Abin da ya dace shi ne sunan da shi abokin ke kiranta da shi idan yana ba da labarinta a ofis, ko Inna, ko Iya, ko Hajiya. Wannan kalma guda ta isa ta nuna cewa ana sauraronsa duk shekarun nan.

Mataki na uku shi ne neman abu guda na gaskiya da za a tuna ta da shi. Abu guda ya wadatar, kuma ƙarami ya fi babba tasiri, domin ƙaramin abu ba ya kwafuwa. Na huɗu shi ne a waiwayi shi mai makokin, a faɗi abin da aka shaida game da shi. Na biyar kuma a faɗi abin da za a yi masa, da rana da lokaci.

Ga yadda saƙon ya koma:

"Assalamu alaikum Malam. Yanzu bayan La'asar labari ya iso mana cewa Inna lokaci ya yi. Allah ya jiƙanta, ya gafarta mata, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, ya haskaka kabarinta.

"Ban manta ranar da muka zo Dosara sunan ɗiyarka ba. Ta hana mu tashi sai da muka sha fura, ta kuma rako mu har zaure tana sa mana albarka. Tun daga ranar, duk ka dawo daga gida sai ka ce tana gaishe ni.

"Mu shaida ne a kan zirga-zirgar da ka yi wata da watanni a wannan hanya saboda ita. Allah ya saka maka, ya sa albarkarta ta bi ka da 'ya'yanka.

"Kada ka sa aiki a ranka. Na karɓi aikinka na daren Alhamis da na Asabar, na kuma shaida wa shugaban sashe. Ba sai ka amsa wannan saƙo ba. Zan kira ka jibi bayan Magariba in Allah ya kai mu. Ka isar da gaisuwata ga 'yan'uwa da iyali. Allah ya ba ku haƙuri da dangana."

Abin da kowane sashe ke yi

Abin lura na farko shi ne addu'o'in da aka saba suna nan, ba a zubar da su ba. An dai ƙara wadda ta dace da ita, wato roƙon jinya ta zama kaffara. Wadda ta rasu farat ɗaya ba za a yi mata wannan addu'a ba, haka nan wadda ta bar ƙananan yara za a ƙara roƙon Allah ya raya abin da ta bari. Dacewar addu'a da halin mamaci ita ce ke nuna cewa an tsaya an yi tunani.

Labarin furar kuwa kyauta ce ga mai makoki. Ya san mahaifiyarsa a matsayin uwa, amma yanzu ya ji yadda baƙo ya gan ta, ya kuma san akwai wani a Gusau da ke riƙe da alherinta. Wannan ya yi daidai da koyarwar da aka sani ta ambaton mamata da alheri.

Sashe na uku yana taɓa wani ciwo da ba a cika faɗa ba. Ma'aikacin da ke aiki nesa da gida yakan zargi kansa bayan rasuwar iyaye, yana tunanin makon da bai samu zuwa ba, ko maganin da bai saya da wuri ba. Abokin aiki yana da wata shaida da dangi ba su da ita, domin shi ya ga lokutan da aka nemi izini, da rancen da aka ci, da daren da aka kwana ana jiran waya. Idan ya faɗi abin da ya gani, ya rage wa abokinsa wannan nauyi.

Sashe na ƙarshe shi ne madadin abincin gidan Ja'afar. Jama'a sun saba rubuta cewa idan akwai wata buƙata a sanar da su, alhali sun san kunya ba za ta bar mai makoki ya buɗe baki ba. Cewa an karɓi aikin daren Alhamis da na Asabar magana ce da ta riga ta zama aiki. Ga malamin makaranta, yana iya zama riƙe masa aji ko duba takardun jarrabawa. Ga ma'aikacin ofis, bin masa takardar neman hutu.

Ita ma jimlar da ke cewa ba sai ya amsa ba tana da amfani. Wanda ke zaune a kan tabarma yana karɓar gaisuwa daga safe zuwa dare, ga kuma saƙonni sun taru a waya, yakan ji kamar ana bin sa bashin amsa.

Akwai wata hanya mai sauƙi ta gwada saƙo kafin a tura shi. A karanta shi a bayyane, a ji ko mutum zai iya faɗar waɗannan kalmomi idan yana durƙushe a gaban abokin nasa. Sannan a tambayi kai, shin za a iya tura shi ga wani daban ba tare da an sauya komai ba? Idan za a iya, to gyara bai ƙare ba.

Inda ake yin tuntuɓe

Ba kullum ne marubuci ya san mamacin ba, kuma a nan ne wasu ke faɗawa cikin ƙarya, su yabi halin wanda ba su taɓa gani ba. Gaskiya ta fi sauƙi, ta kuma fi tasiri. Ana iya cewa Allah bai yi an haɗu da Baba ba, amma an sha jin labarinsa a bakin ɗansa, kuma tarbiyyar da ake gani a ofis shaida ce a kansa.

Idan yaro ne ya rasu, addu'ar da aka saba ita ce Allah ya sa mai ceto ne. Abin da ya kamata a kauce masa shi ne gaggawar cewa ai da sauran ƙuruciya, za a sami wani, domin a kunnen uwa ko uba kamar an ce wanda ya tafi ba shi da wani matsayi ne. Idan kuma ɗan fari ne, akwai gidajen da har yanzu ake yin alkunya, iyaye ba sa kama sunansa, ba sa kuma nuna damuwa a fili. Shirunsu ba ya nufin ba sa jin zafi.

Lamarin ya fi tsanani idan mutuwar ta zo ta hannun 'yan bindiga, abin da iyalai da yawa a Maradun da Bakura da Talata Mafara suka ɗanɗana. A irin wannan hali, saƙon ta'aziyya ba wurin tambayar yadda abin ya faru ba ne, ba kuma wurin zagin gwamnati ko muhawara kan sulhu ba. Bai dace a tambayi dalilin da ya sa mamacin ya bi wannan hanya ko ya tafi gona a ranar ba, domin tambayar na ɗauke da zargi. Haka kuma tura hoton gawa a zaurukan ma'aikata yana ƙara wa iyalai ciwo. Abin da ya dace shi ne addu'a, da amincewa cewa abin ya yi nauyi, da taimakon da ake iya gani, musamman idan an bar marayu ko bashin kuɗin fansa.

Idan abokiyar aiki ce ta rasa miji, tana shiga takaba ta wata huɗu da kwana goma, ko kuma har ta haihu idan tana da ciki. Namijin da zai rubuta mata zai taƙaita, ya tsaya ga addu'a da batun aiki, ya kuma haɗa da gaisuwar iyalinsa. Sauran kusancin sai a bar wa mata abokan aikinta.

Shi ma harshe yana da nasa matsayi. A Zamfara da Sakkwato, mutum kan ce Allah shi jiƙan ta, shi ba da hanƙuri. Wanda wannan ne harshen gidansu, kuma da shi suke hira da abokin nasa, babu dalilin da zai sa ya koma Hausar jarida ranar makoki. Wanda kuma ba harshensa ba ne, kada ya kwaikwaya. Gutsure kalmar istirja'i zuwa 'yan haruffa, ko rubuta RIP, ko tura hoton fuska mai hawaye shi kaɗai, duk suna nuna cewa marubucin na sauri ne.

Lokaci da wuri

Yawancin wuraren aiki a yau suna da zauren WhatsApp, kuma a can ake fara sanar da rasuwa, sai addu'o'i su yi ta biyo baya iri ɗaya. Wannan ba laifi ba ne, domin ya yi kama da gaisuwar jama'a a ƙofar gida. Amma saƙo irin na sama, mai ɗauke da labarin Inna da batun jinya, na mutum biyu ne, kai tsaye ake aika shi.

Game da lokaci, malaman fiƙihu da dama sun fi son a yi ta'aziyya cikin kwana uku, don kada a tayar da baƙin cikin da ya fara kwanciya, sai dai ga wanda ba ya nan ko bai ji ba. Wasu kuma na ganin babu iyaka matuƙar akwai buƙatar lallashi. Akwai kuma saɓani sananne a arewacin Nijeriya game da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, wadda wasu gidaje ke yi, malaman ƙungiyar Izala kuma ke hanawa. Mai rubuta saƙo ba shi da hurumin shigo da wannan muhawara, kuma gara ya san ra'ayin gidan kafin ya tambayi ranar sadaka.

Wanda ya makara kuma, jimla guda ta isa neman afuwa. Doguwar hujja kan dalilin makara tana mayar da saƙon ya zama labarin marubucin.

Sai dai mafi wuyar lokaci ga mai makoki sau da yawa yana zuwa ne bayan an naɗe tabarmi, baƙi sun watse, ya koma bakin aiki. A misalin na Dosara, ranar Juma'ar farko da ma'aikacin zai tashi daga aiki ya tuna babu wadda zai kai wa magani, a ranar ce ɗan gajeren saƙo na biyu, ko zama kusa da shi bayan sallah, zai fi amfani.

Shi ya sa alkawarin da ke ƙarshen saƙon yake da nauyi. Idan an rubuta cewa za a kira jibi bayan Magariba, to lallai jibi bayan Magariba wayar ta yi ƙara. Idan kuma hanya ta yi kyau, aka sami abokan tafiya, har yanzu ana sa ran ganin mutum a ƙofar gida.